Yadda ake mayar da bayanin jadawalin darussa zuwa teburin mako mai ɗauke da malamai da ɗakuna

Sau da yawa jadawalin makaranta ba ya zuwa a zane. Takarda ce za a miƙo maka daga ofishin mataimakin shugaban makaranta, ko bayanan taron malamai, an rubuta jimla bayan jimla: wane zai shiga aji kaza kullum da safe, wance ba ta zuwa ranar Laraba, ɗakin gwaji na aji kaza ne ranar Talata. Sai a ce ka zana shi a liƙa kafin Litinin. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su ɗauko rula su ja layuka, su fara cike gidaje tun daga jimlar farko. Kafin su kai jimla ta biyar sun fara gogewa, domin wata magana a ƙasa ta rushe abin da suka zuba a sama. Hanyar da zan nuna a nan tana jinkirta zanen tebur har sai an farfasa jimlolin an ƙidaya su, kuma da misali ɗaya za mu bi ta daga farko har ƙarshe.

Ga takardar da za mu yi aiki da ita. Na taƙaita ta ga aji biyu, 1A da 1B, da darussa huɗu na kafin a fita tara, don a ga komai a fili. Ko azuzuwa goma sha biyu ne da darussa takwas a rana, aikin bai canza ba, tsawo kawai yake ƙarawa.

1. Ana yin darasi huɗu kafin tara, Litinin zuwa Juma'a, kowanne minti 40, daga ƙarfe 8:00.
2. Darasin farko na ranar Litinin taron safe ne na duk makaranta.
3. Malamin Lissafi yana shiga 1A kullum a darasi na biyu, sannan ya wuce 1B.
4. Ranar Talata 1A za su fara da aikin gwaji na Kimiyya, darasi biyu a jere, a ɗakin gwaji. 1B ma haka ranar Alhamis. Kowane aji yana da ƙarin darasin Kimiyya ɗaya a mako.
5. Malamar Turanci tana da darasi huɗu da kowane aji, ɗaya a rana, amma ba ta nan ranar Laraba.
6. Kwamfuta ranar Laraba da Juma'a ne, darasi ɗaya ga kowane aji a kowace ranar, a ɗakin kwamfuta.
7. Darasin ƙarshe na Juma'a azuzuwan biyu za su haɗu a fili don motsa jiki.
8. Tarihi sau uku a mako ga kowane aji, kada ya wuce ɗaya a rana.
9. Sauran darussa kowa a ɗakinsa: 1A ɗaki na 3, 1B ɗaki na 4.

Fara da kwarangwal, sannan ka ƙidaya

Jimla ta 1 ba ta sa kowa a ko'ina, girman teburin kawai take faɗa. Minti 40 daga 8:00 yana ba ka 8:00 zuwa 8:40, 8:40 zuwa 9:20, 9:20 zuwa 10:00, da 10:00 zuwa 10:40. Rubuta waɗannan lokutan da lambobinsu a gefe, domin wata takardar za ta ce "darasi na uku", wata ta ce "ƙarfe tara da minti ashirin", alhali abu ɗaya suke nufi. Kwana biyar sau darasi huɗu, kowane aji yana da gida 20.

Yanzu tara abin da takardar ta ba aji ɗaya: taron safe 1, Lissafi 5, Kimiyya 3 (biyu na gwaji da ƙarin ɗaya), Turanci 4, Kwamfuta 2, motsa jiki 1, Tarihi 3. Sun kama 19. Gidaje 20 ne, darussa 19, ke nan gida ɗaya zai rage babu kowa a kowane aji. Wannan lissafin ba ya cin minti biyar, amma ya riga ya gaya maka cewa takardar ba ta cika ba. Da a ce jimillar ta kai 21, to babu dabarar da za ta sa su shiga, kuma gara ka sani tun yanzu da ka kwana kana juya gidaje.

Farfasa kowace jimla zuwa layi mai abu shida

Kowane darasi a jadawali amsa ce ga tambayoyi shida: wace rana, darasi na nawa, wane aji, wane fanni, wane malami, wane ɗaki. Jimlar da mutum ya rubuta ba kasafai take kawo duka shidan ba. Takan dunƙule darussa da yawa cikin kalma ɗaya, ko ta bar abin da marubucin ya ɗauka kowa ya sani. Saboda haka ka ja layuka shida na tsaye a takarda, ko a Excel ko Google Sheets, ka riƙa zuba darasi ɗaya a layin kwance ɗaya. Ƙara na bakwai ka rubuta lambar jimlar da darasin ya fito daga cikinta. Ranar da wani malami ya zo yana tambayar wanda ya sa shi a darasi na biyu, wannan lambar ce za ta amsa maka.

Dubi jimla ta 3. Kalmar "kullum" ita kaɗai layi biyar ce ga 1A: Litinin, darasi na 2, 1A, Lissafi, malamin Lissafi, ɗaki na 3, haka har Juma'a. Ɗakin ba a jimla ta 3 yake ba, daga ta 9 aka ɗauko shi, shi ya sa dole ka karanta takardar har ƙarshe kafin ka rubuta layi ko ɗaya. Sai kuma "sannan ya wuce 1B". Ma'anar da ta fi kusa ita ce darasi na uku, nan take bayan ya fito daga 1A, amma jimlar ba ta faɗi lamba ba, kuma darasi na huɗu ma "sannan" ne. Rubuta 3 da fensir, ka sa alama a gefe cewa fassararka ce. Irin waɗannan kalmomi su ne ramukan da ake faɗawa: sannan, da safe, bayan haka, su ma haka, sauran ranaku. Duk inda ka gan su ka ja musu layi.

Darasi biyu a jere layi biyu ne, kada ka haɗe su. Darasin da aji biyu suka haɗu, kamar motsa jiki, shi ma layi biyu ne, ɗaya ga kowane aji, da alamar cewa na haɗaka ne. Ga malamai kuwa, zaɓi gajeren suna ɗaya ga kowa ka tsaya a kansa. A nan zan yi amfani da ML ga malamin Lissafi, MT ga malamar Turanci, MK ga mai Kimiyya, MW ga mai Kwamfuta, MR ga mai Tarihi, MJ ga mai motsa jiki. Idan malamai biyu sunansu ya fara da harufa iri ɗaya, raba su tun yanzu.

Za ka lura layukan sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda ranarsu da lokacinsu a ƙayyade suke: taron safe, Lissafi, aikin gwaji, motsa jiki. Akwai kuma waɗanda aka ba su adadi da sharaɗi kawai, aka bar maka neman wuri: Turanci, Kwamfuta, Tarihi, da ƙarin Kimiyya. Na farkon kwafa kake yi. Na biyun kuwa kai ne mai zaɓi, kuma ya kamata ka san a ranka cewa zaɓi kake yi.

Kafa waɗanda ba sa motsi

Sai yanzu za ka zana tebur. Kwanaki a gefen hagu, darussa a sama, kuma a ƙarƙashin kowace rana ka ba kowane aji layinsa, 1A a sama 1B a ƙasa. Amfanin wannan tsari shi ne idonka zai riƙa ganin abin da ke faruwa a azuzuwan biyu a lokaci guda, a nan ne kuwa karo yake ɓuya. Wanda ya zana teburin 1A a shafi ɗaya, na 1B a wani shafin, zai iya sa malami ɗaya a wuri biyu bai sani ba.

Zuba taron safe, zuba Lissafi, zuba motsa jiki. Zuba gwajin 1B ranar Alhamis a darasi na 1 da na 2, ya zauna lafiya domin Lissafinsu na uku ne. Da ka zo gwajin 1A ranar Talata sai ka ci karo: jimla ta 4 ta ce su fara da shi, wato darasi na 1 da na 2, jimla ta 3 kuma ta riga ta ba Lissafi darasi na 2 kullum. Gida ɗaya, masu shi biyu.

A nan ne nake so a fi natsuwa. Gyaran a fili yake, kuma hannu yana ƙaiƙayin yin sa: a mayar da gwajin darasi na 3 da na 4, tunda su kaɗai ne gidaje biyu a jere da suka rage wa 1A. Amma kai ba ka san ko wani babban aji yana ɗakin gwajin a wannan lokacin ba, takardarka ta 1A da 1B ce kawai. Wataƙila kuma marubucin yana nufin Lissafin Talata ne zai matsa, ya manta bai faɗa ba. Idan ka gyara shiru, ka liƙa, malamin Kimiyya zai shirya kayan gwajinsa ƙarfe 8:00 bisa takardar da ya karanta a taro, ɗalibai kuma suna bin teburinka. Don haka tara tambayoyinka ka kai su sau ɗaya, kowacce da lambar jimla da shawararka. A misalinmu guda uku ne: shin "sannan" na jimla ta 3 darasi na uku ne, jimla ta 3 da ta 4 sun yi karo ranar Talata, ko a mayar da gwaji darasi na 3 da na 4, darussa 19 ne a gida 20, me ya rage. Tambaya mai ɗauke da shawara ana amsa ta da i ko a'a a tsaye, ba ta buƙatar wani taro.

Mu ɗauka an amsa biyun farko da i, ta uku kuma an ce za a duba.

Sauran kuma, fara da wanda ya fi ƙuntata

Kada ka bi jerin jimloli, kada kuma ka fara daga Litinin. Nemi ranar da gidajenta suka fi ƙaranci, domin a can zaɓi ya riga ya yi kansa. Malamar Turanci tana da darasi huɗu, ɗaya a rana, ba ta nan Laraba, ke nan dole ta shiga kowane aji Litinin, Talata, Alhamis da Juma'a. Ranar Talata gida ɗaya ne ya rage wa 1A, darasi na 1, to nata ne. Ranar Alhamis gida ɗaya ne ya rage wa 1B, darasi na 4, shi ma nata ne. Babu shawara a cikin waɗannan biyun.

Juma'a ma ta kusa cika kanta. 1A na da darasi na 1 da na 3 a buɗe, 1B na da na 1 da na 2, kuma kowane aji yana bin Turanci da Kwamfuta a ranar. Sharaɗin kawai shi ne kada su biyun su nemi malami ɗaya a darasi na 1. Sai 1A su fara da Turanci su yi Kwamfuta a na 3, 1B su fara da Kwamfuta su yi Turanci a na 2. Juya shi ma zai yi.

Da Juma'a ta cika, Tarihi ya rasa inda zai je sai wurare ƙalilan. Ga 1A, Talata da Juma'a sun rufe, saura Litinin, Laraba, Alhamis, kwana uku cif ga darasi uku. Ga 1B, Alhamis da Juma'a sun rufe, saura Litinin, Talata, Laraba. Da ka fara da Tarihi tun farko don yana da sauƙi, ka sa shi ranar Juma'a, da yanzu Kwamfuta ba ta da wuri kana ta gogewa.

Litinin kowane aji na da gida biyu, Turanci da Tarihi za su raba. Darasi na 4 ne kaɗai azuzuwan biyu suke buɗe tare, saboda haka a nan ake kiyayewa: 1A Tarihi, 1B Turanci. Sauran sun faɗa da kansu.

Ƙarin darasin Kimiyya ne ya ba da sarari na gaske, kuma a nan sanin aiki yake shigowa. Ga 1A zai iya zama Laraba ko Alhamis. Na zaɓi Alhamis don kada ya manne da gwajin Talata. Amma ranar Alhamis malamin yana ɗakin gwaji da 1B har 9:20, don haka darasi na 1 ya fita. Tsakanin na 3 da na 4 na ba shi na 4, ya sami minti 40 na kwashe kaya da wanke kwalabe. Ga 1B na sa shi Talata darasi na 1, ya bar masa na 2 ya shirya wa gwajin 1A. Takardar ba ta ce a yi haka ba, ba ta kuma hana ba. Irin wannan zaɓin ka rubuta "nawa" a gurbin lambar jimla, domin shi ne abin da za a iya matsarwa gobe ba tare da an karya umarnin kowa ba.

Laraba ta rage da Kwamfuta da Tarihi ga kowane aji, da gida ɗaya-ɗaya da babu mai shi. Na tura gidajen biyu zuwa darasi na 4 da gangan, don idan abin da aka manta na haɗaka ne ya sami wuri a lokaci guda, idan kuma ba a cike shi da wuri ba, ya faɗa dab da tara maimakon tsakiyar safiya.

| Rana | Aji | 8:00 | 8:40 | 9:20 | 10:00 |
|---|---|---|---|---|---|
| Litinin | 1A | Taron safe | Lissafi ML 3 | Turanci MT 3 | Tarihi MR 3 |
| | 1B | Taron safe | Tarihi MR 4 | Lissafi ML 4 | Turanci MT 4 |
| Talata | 1A | Turanci MT 3 | Lissafi ML 3 | Kimiyya MK gwaji | Kimiyya MK gwaji |
| | 1B | Kimiyya MK 4 | Turanci MT 4 | Lissafi ML 4 | Tarihi MR 4 |
| Laraba | 1A | Kwamfuta MW kwam | Lissafi ML 3 | Tarihi MR 3 | ana jira |
| | 1B | Tarihi MR 4 | Kwamfuta MW kwam | Lissafi ML 4 | ana jira |
| Alhamis | 1A | Turanci MT 3 | Lissafi ML 3 | Tarihi MR 3 | Kimiyya MK 3 |
| | 1B | Kimiyya MK gwaji | Kimiyya MK gwaji | Lissafi ML 4 | Turanci MT 4 |
| Juma'a | 1A | Turanci MT 3 | Lissafi ML 3 | Kwamfuta MW kwam | Motsa jiki MJ fili |
| | 1B | Kwamfuta MW kwam | Turanci MT 4 | Lissafi ML 4 | Motsa jiki MJ fili |

Kowane gida yana ɗauke da fanni, malami, ɗaki, a wannan jeri ba canji. Rubuta ɗakin ko da ajin a ɗakinsa yake. Idan ka bar shi fanko da sunan kowa ya sani, ranar da aka mance rubuta ɗakin kwamfuta ba wanda zai bambance mantuwa da al'ada. Gidan da ba a cike ba kuma a rubuta masa "ana jira", kada a bar shi fari, domin farin gida malamai na ɗaukarsa kyauta ne.

Bincike kafin a liƙa

Tebur yana iya yin kyau a ido ya zamana da karo a ciki. Bi shi sau uku, kowane zagaye da tambaya ɗaya. Zagayen farko na malamai ne: ɗauki ML ka bi shi da yatsa daga Litinin zuwa Juma'a, ka tabbata ba ya bayyana sau biyu a ƙarƙashin lokaci ɗaya na rana ɗaya, kana ƙidayawa. ML ya kamata ya fito sau 10, MT sau 8, MK da MR sau 6 kowanne, MW sau 4. MJ zai fito a gida biyu amma darasi ɗaya ne, a kula da wannan idan ana lissafin nauyin aikin kowane malami. Zagaye na biyu na ɗakuna ne, musamman waɗanda ake rabawa, wato ɗakin gwaji da na kwamfuta. Wannan ne aka fi mantawa, domin malamai biyu dabam suna iya neman ɗaki ɗaya, kuma binciken malamai ba zai nuna ba. Zagaye na uku, koma takardar asali ka karanta jimla-jimla, kana nuna inda kowacce ta zauna a tebur. Sharuɗɗan hani su ne ke kuɓucewa, irin su "ba ta nan ranar Laraba", saboda ba su da gida nasu da za ka ga ya cika.

Idan azuzuwa sun yi yawa, yatsa ba zai isa ba, a nan ne layukan nan masu abu shida za su biya ka wahalarka. A ce rana tana A, lambar darasi B, aji C, fanni D, malami E, ɗaki F, G kuma lambar jimla. Sa waɗannan a H2, I2 da J2, ka ja su ƙasa:

```
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,E:E,E2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,F:F,F2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,C:C,C2)
```

Na farko yana ƙidaya sau nawa malamin ya fito a wannan rana da wannan darasi, na biyu ɗaki, na uku aji. Amsar da ake so 1 ce. Duk inda 2 ta fito, ko dai darasin haɗaka ne da ka riga ka yi wa alama, ko karo ne. Da an zuba takardarmu yadda ta zo, na uku zai nuna 2 a Talata, darasi na 2, aji 1A.

Abu biyu kan yaudari wannan ƙidaya. Idan ka rubuta sunan malami iri biyu, ko ka bar tazara a bayan sunan a wani layin, kwamfuta za ta ɗauke su mutum biyu, ta ba ka 1 a inda karo yake. Sannan kada ka sa alamar tambaya a gurbin malamin da ba a sani ba, domin `?` a cikin COUNTIFS tana tsayawa ne a madadin kowane harafi guda, ƙidayar na iya haɗo sunayen da ba iri ɗaya ba. Rubuta kalma, kamar "jira", amma ka sani layukan "jira" biyu a lokaci guda za su nuna 2 ba tare da karo ba.

Daga wannan jerin ne kuma za ka fitar da sauran kwafe: tace da sunan aji ka sami na liƙawa a ƙofar aji, tace da sunan malami ka sami na aljihunsa, tace da ɗaki ka sami na ƙofar ɗakin gwaji. Idan amsar gidan Laraba ta zo, a jerin za ka fara rubuta ta, ka duba ƙidayar ta tsaya a 1, sannan ka sake fitar da kwafen. Sa kwanan wata a saman kowane bugu, ka kuma cire tsohon daga bango da hannunka.